Masana'antar da ribarta ta hau lokacin da ciniki ya faɗi, ta kuma nuna asara a zangon da ta fi sayar da kaya

Wannan nazari ya bi wata ƙaramar masana'anta mai yin kujerun roba, daga Janairun shekara guda zuwa tsakiyar shekarar da ta biyo baya. Alkaluman misali ne, an daidaita su yadda mai karatu zai iya ɗaukar biro ya sake lissafa su da kansa, kuma ba a ɗaura su a kan kuɗin wata ƙasa ba. Masana'antar tana fitar da rahoton riba duk bayan wata uku, shi ne abin da za a riƙa kira zango a nan.

## Yadda masana'antar take kafin matsala

Kujera iri ɗaya kawai suke yi, suna sayar da kowace a kan 50. Kuɗin da ke bin kowace kujera a wajen ƙera ta 28 ne: ɗanyen roba na 18, ladan ma'aikatan da ake biya gwargwadon abin da suka yi 7, wutar da inji ke ci 3. In an yi kujera, a kashe wannan kuɗi, in ba a yi ba, ba a kashe ba. Akwai kuma la'adar 2 da ake ba dillalai, amma ita sai an sayar da kujerar take fita.

Sai kuɗin da ba ruwansa da yawan aiki. Hayar ginin masana'anta, albashin masu kula da injuna, inshora da raguwar darajar injuna sun kai 120,000 a kowane zango. Ko injuna sun kwana suna aiki, ko sun yi wata guda a kashe, wannan kuɗi yana nan daram. Ofis da sashen talla su ma suna cin tsayayyen kuɗi 60,000 a zango.

Akanta yana lissafin kuɗin kujera da tsarin da akantoci ke kira abzofshin, wato tsarin da ke raba tsayayyen kuɗin masana'anta ya ɗora wa kowace kujera kasonta. Abin da suka saba yi a zango kujera 10,000 ne, don haka aka raba 120,000 gida 10,000, kowace kujera ta ɗauki 12. Cikakken kuɗin kujera ya zama 40 ke nan, 28 da 12. Da wannan 40 ake ƙiyasta darajar duk kujerar da ta rage a sito, da ita kuma ake cire kuɗin duk wadda aka sayar.

Ɗaya tsarin, wanda ake kira majinal, ba ya ɗora wa kujera komai sai kuɗin da ke bin ta, wato 28. Tsayayyen kuɗin masana'anta kuwa, yana cire shi gaba ɗaya daga ribar zangon da aka kashe shi, ko an sayar da kayan ko ba a sayar ba. A lokacin da labarin nan ya fara babu wanda ke amfani da shi a masana'antar.

Akwai wani abu guda da ya shiga cikin lamarin. Manajan sarrafa kaya yana da alawus na kashi 10 cikin ɗari na ribar da rahoton kowane zango ya nuna, ana kuma yaba masa a taron shugabanni duk lokacin da matsakaicin kuɗin kujera ya sauka.

## Janairu zuwa Maris: komai daidai

An buɗe shekara da kujera 1,000 a sito. An ƙera 10,000, an sayar da 10,000, aka rufe zango da 1,000 kamar yadda aka buɗe shi. Rahoto ya nuna ribar 20,000. Da an yi lissafin da tsarin majinal ma 20,000 ɗin zai bayar, domin kayan sito ba su ƙaru ba, ba su kuma ragu ba. Shekarun baya ma kusan haka suke tafiya, shi ya sa ba a taɓa samun dalilin tambayar yadda ake lissafin ba.

## Afrilu zuwa Satumba: ciniki na sauka, riba na hawa

A zango na biyu kasuwa ta ɗan ja baya, aka sayar da kujera 9,000. Manajan sarrafa kaya bai rage aiki ba, ƙarawa ma ya yi, ya ƙera 12,000. Hujjarsa ita ce injuna suna da ƙarfin yin haka, hayar gini kuma ana biyanta ko an yi aiki ko ba a yi ba, don haka gara a ci moriyarta. Ya nuna wa shugabanni cewa idan aka raba 120,000 a kan kujera 12,000, kowace tana ɗaukar 10 maimakon 12. Maganarsa gaskiya ce ta fuskar rabo, kuma babu wanda ya ja da ita.

Ga yadda rahoton zangon ya fito. Ciniki 450,000. Kuɗin kujerun da aka sayar, 9,000 sau 40, ya kama 360,000, saura 90,000. To amma an ɗora wa kujera 12,000 kuɗi 12 kowace, jimla 144,000, alhali abin da aka kashe 120,000 ne kawai. Rarar 24,000 da aka ɗora fiye da kima sai akanta ya mayar da ita cikin riba, kamar yadda tsarin ya tanada, aka samu 114,000. Da aka cire la'adar dillalai 18,000 da kuɗin ofis 60,000, riba ta tsaya a 36,000. Ciniki ya ragu da kujera 1,000, riba ta tashi daga 20,000 zuwa 36,000. Kayan sito sun haura daga 1,000 zuwa 4,000.

A zango na uku abin ya ƙaru. An sayar da 8,000 kacal, an ƙera 13,000. Rahoto ya nuna ribar 40,000, mafi yawa a shekarar. Sito ya cika da kujera 9,000. Mai kula da sito ya jera su rukuni-rukuni har suna taɓa rufi, da wuri ya ƙare sai ya koma jibge su a hanyar da keken ɗaukar kaya ke bi, ragowar kuma aka fitar da su tsakar gida aka rufe da tamfol. Duk wanda ya shiga masana'antar yana ganin kujerun da idonsa, amma a takarda babu abin da ya nuna matsala, domin a lissafin kadarori an rubuta su a matsayin dukiya ta 360,000.

Mai masana'antar ya fara jin abin a jikinsa ta wata fuska. A ƙarshen Satumba asusun banki ya bushe, mai kawo ɗanyen roba ya fara matsa lamba a biya shi, albashin watan ma sai da aka nemi rancen banki na ɗan lokaci kafin a biya. Ya kira akanta ofishinsa ya ce masa, "Malam, ka ce min mun ci ribar 76,000 a wata shida. To ina kuɗin suke?"

## Oktoba: abin da aka fara gwadawa

Zargi na farko sata ne ko ɓarnar kaya. Aka rufe sito kwana biyu aka ƙirga kujeru ɗaya bayan ɗaya, aka same su 9,000 cif, daidai da abin da ke littafi. Aka bi takardun sayen roba, aka gwada su da nauyin kujerun da aka ƙera, ba a ga giɓi ba. Daga nan aka koma kan masu bashi, aka ga suna biya a kan lokacin da suka saba. Mako uku aka shafe a kan wannan bincike. Ya wanke mutanen da ake zargi, wanda abu ne mai kyau, amma bai gano komai ba, domin kuskure ake nema a littattafan da babu kuskure a cikinsu.

Abu ɗaya da binciken ya fito da shi fili shi ne inda tsabar kuɗin ta tafi. Kujera 8,000 da aka ƙara a sito cikin wata shida, kowace ta ci 28 na roba da lada da wuta da aka biya nan take. Jimla 224,000 ke nan a kwance ƙarƙashin tamfol. Wannan ya amsa tambayar inda kuɗi suke. Tambayar yadda riba ta hau ana sayar da kaya kaɗan kuwa, ba a ma yi ta ba tukuna.

Mai masana'anta ya ba da umarni a rage aiki sosai har sai sito ya ragu.

## Oktoba zuwa Disamba: ciniki mafi yawa, rahoto ya nuna asara

Kasuwa ta buɗe a wannan zango, sashen talla ya kuma yi ƙoƙari ƙwarai. An sayar da kujera 12,000 a kan farashin da aka saba, ba a rage ko kaɗan ba. An ƙera 5,000 kawai. Sito ya sauka daga 9,000 zuwa 2,000, aka biya mai roba, aka biya banki, kowa ya saki jiki.

Sai rahoto ya fito a farkon Janairu da asarar 24,000. Ciniki 600,000, kuɗin kayan da aka sayar 480,000, saura 120,000. Amma a wannan karon kujera 5,000 kawai aka ɗora wa 12, jimla 60,000, alhali an kashe 120,000. Ragowar 60,000 da ba ta samu kujerar da za ta hau ba dole a cire ta daga riba. Bayan la'adar 24,000 da kuɗin ofis 60,000, sai lissafi ya faɗa ƙasa da sifili.

Taron shugabanni na watan ya yi zafi. Shugaban sashen talla ya ce shi bai ga amfanin wahalar da mutanensa suka sha ba idan sakamakonta asara ce. Manajan sarrafa kaya ya ce wa mai masana'anta, "Ranka ya daɗe, ai na faɗa. Lokacin da nake cika injuna riba muke ci, da aka ce in rage, ga abin da ya faru. A bar ni in koma 13,000, rahoto mai zuwa zai gyaru." Kuma da an bar shi, rahoton zai gyaru ɗin.

## Janairu: gyara na biyu da bai yi aiki ba

Akanta ya zaci matsalar tana cikin lambar 12 ɗin, tunda an gina ta a kan kujera 10,000 alhali abin da ake ƙerawa yana hawa yana sauka. Sai ya sake lissafin shekarar, yana raba 120,000 a kan ainihin abin da aka ƙera a kowane zango. A zango na biyu kason kujera ya zama 10, a na uku kusan 9.23, a na huɗu 24. Ya ɗauka cewa kayan da suka riga shiga sito su ake fara sayarwa.

Sakamakon ya ɗan sassauta amma bai warke ba. Ribar zango na biyu ta koma 28,000, ta na uku wajen 23,000, ta na huɗu wajen 25,000. Asarar ta ɓace, amma yanzu takarda tana cewa zangon da aka sayar da kujera 8,000 da wanda aka sayar da 12,000 kusan riba ɗaya suka kawo, kuma zangon kujera 9,000 ya fi su duka. Mai kasuwanci ba zai karɓi wannan ba, kuma yana da gaskiya.

Wata sabuwar matsala kuma ta ɓullo. Kujerar da aka ƙera a zango na huɗu ta koma cin 52, wato 28 da 24, alhali a 50 ake sayar da ita. Wani daga cikin shugabanni har ya fara maganar ƙarin farashi, duk da roba bai tashi ba, lada bai tashi ba, kujerar ita ce dai ta jiya. Odita da aka tuntuɓa ya ce ba zai amince da wannan ƙiyasi a rahoton shekara ba. Ƙa'idar lissafi ta ƙasa da ƙasa mai kula da kayan sito, IAS 2, ta ce a raba tsayayyen kuɗin masana'anta bisa abin da aka saba ƙerawa, kuma ba a ƙara kason kowane guda don aiki ya yi ƙasa ko injuna sun zauna. Abin da bai samu kayan da zai hau ba, a cire shi daga ribar wannan lokaci. Haka kuma ba a rubuta kayan sito a kan darajar da ta wuce abin da za a samu idan an sayar da su bayan cire kuɗin sayarwa, wanda a nan 48 ne. Aka ajiye wannan hanya.

## Fabrairu: abin da ya warware lamarin

Oditan ne ya ba da shawarar a bar tsohon rahoto yadda yake, a yi wani a gefensa da tsarin majinal, sannan a nemo dalilin bambancin da ke tsakaninsu zango bayan zango. Aikin bai ɗauki akanta fiye da yini guda ba, domin duk alkaluman suna hannunsa.

A tsarin majinal ana fara duba abin da kowace kujera ke bari bayan an cire kuɗin da ke bin ta. Daga 50 a cire 28, a cire la'adar 2, saura 20. Wannan 20 ita ce gudummawar kujera wajen biyan tsayayyen kuɗi, wanda jimlarsa 180,000 ce a zango. Ribar zango ita ce yawan kujerun da aka sayar sau 20, a cire 180,000. Yawan abin da aka ƙera bai shigo cikin lissafin ba ko kaɗan.

| Zango | An ƙera | An sayar | Canjin sito | Ribar majinal | Ribar abzofshin | Bambanci |
|---|---|---|---|---|---|---|
| 1 | 10,000 | 10,000 | 0 | 20,000 | 20,000 | 0 |
| 2 | 12,000 | 9,000 | +3,000 | 0 | 36,000 | +36,000 |
| 3 | 13,000 | 8,000 | +5,000 | -20,000 | 40,000 | +60,000 |
| 4 | 5,000 | 12,000 | -7,000 | 60,000 | -24,000 | -84,000 |
| Shekara | 40,000 | 39,000 | +1,000 | 60,000 | 72,000 | +12,000 |

Duk wanda ya ɗauki canjin sito na kowane layi ya ninka shi da 12 zai samu bambancin da ke ƙarshen layin, ba ƙari ba ragi. Kujera 3,000 sau 12, 36,000. Kujera 5,000 sau 12, 60,000. Kujera 7,000 da suka fita sau 12, 84,000 da aka rage.

Dalilin yana cikin inda tsayayyen kuɗin ke kwana. A ɗauki zango na uku. An biya haya da albashi da inshora na 120,000 a waɗannan watanni uku, kuɗin sun fita, ba za su dawo ba. Tsarin majinal ya cire su duka daga ribar zangon. Tsarin abzofshin kuwa ya liƙa 12 a jikin kowace kujera, kuma kujerar da ba a sayar ba tana shiga sito da 12 ɗinta, a rubuta ta cikin kadarori. Tunda sito ya ƙaru da kujera 5,000, kuɗi 60,000 daga cikin hayar da albashin wannan zango sun bar shafin riba sun koma shafin kadarori. Rabin tsayayyen kuɗin zangon ke nan aka cire daga riba, rabi ya bi kujeru ya shiga ƙarƙashin tamfol.

Kamar bashi ne da aka ɗaga ranar biyansa. A zango na huɗu, da aka sayar da kujera 7,000 daga cikin na sito, kowace ta fito da 12 ɗin da ta shiga da shi. Zangon ya ɗauki nasa 120,000, ya kuma ɗauki 84,000 na zangunan baya, jimla 204,000. Wannan ne ya haɗiye ribar 60,000 ya bar asarar 24,000. Sashen talla bai yi laifin komai ba, nauyin watannin da suka wuce ne ya sauka a kan watanninsa.

Mai masana'anta ya daɗe yana kallon layi na biyu da na uku. Abin da ya fi taɓa shi bai shafi rikicin tsarin lissafi ba. Da aka raba 180,000 da 20, sai ya ga cewa masana'antarsa ba ta fara cin riba sai ta sayar da kujera 9,000 a zango. A zango na biyu daidai nan suka tsaya, a na uku kuma sun faɗa ƙasa da kujera 1,000, suka yi asarar 20,000, a daidai lokacin da ake taya juna murnar ribar 40,000, ana kuma biyan alawus a kanta. Wata shida aka rasa da ya kamata a yi amfani da su wajen farfaɗo da ciniki.

## Maris zuwa Yuni na shekara ta biyu: sakamako

An yanke shawara cewa rahoton cikin gida na kowane zango zai riƙa fita da tsarin majinal, na shekara da ake kai wa odita da banki kuma ya zauna a kan abzofshin. A ƙasan kowane rahoton zango akanta yana ƙara layi uku: ribar majinal, canjin kayan sito sau 12, ribar abzofshin. An cire alawus ɗin manajan sarrafa kaya daga kan riba, aka ɗora shi a kan abubuwan da ke hannunsa, wato ƙarancin ɓarnar roba, ingancin kujera da cika odar kwastoma a kan lokaci. An kuma sa iyaka cewa sito ba zai wuce kujera 2,500 ba sai da sa hannun mai masana'anta da rubutaccen dalili.

A zangon Janairu zuwa Maris an ƙera 9,500, an sayar da 10,000, sito ya sauka zuwa 1,500. Majinal ya nuna 20,000, abzofshin ya nuna 14,000, layin tsakiya ya nuna kujera 500 sau 12, wato 6,000. Babu wanda ya yi gardama a taro. A zangon Afrilu zuwa Yuni ciniki ya sake sauka zuwa 9,000 kamar bara, aka ƙera 9,000. Duka tsarin biyu suka nuna sifili. Rahoton bai yi wa kowa daɗi ba, amma a makon farko na Yuli aka zauna kan batun neman sababbin dillalai da rage kuɗin ofis, ba a kuma nemi rancen biyan albashi ba.

## Hukunci

A ganina manajan sarrafa kaya bai yi maguɗi ba. An ce masa ya sauko da matsakaicin kuɗin kujera, an kuma ɗaura ladansa a kan lambar da ke hawa duk lokacin da ya ƙara aiki, sai ya bi abin da aka auna shi da shi. Laifin yana ga shugabannin da suka ɗauki rahoton da aka tsara domin mutanen waje suka riƙa tafiyar da harkar yau da kullum da shi. Wannan korafi tsoho ne. Tun a 1936 wani akanta Ba'amurke, Jonathan Harris, ya rubuta a kansa, yana neman tsarin da ribar wata za ta riƙa hawa idan ciniki ya hau, ta sauka idan ya sauka.

Ba na kuma goyon bayan masu cewa abzofshin yaudara ce kawai. Kujera ba ta samuwa ba tare da gini da inji ba, don haka akwai hujja mai ƙarfi a cewa wani kaso na kuɗinsu yana cikin kuɗin kujerar. IAS 2 ta wajabta shi a rahoton da ake fitarwa waje, kuma ita kanta ta toshe wani ɓangare na ƙofar da wannan masana'anta ta faɗa, domin ta ce idan aiki ya yi yawan da ya wuce ƙa'ida a rage kason kowane guda don kada a ƙiyasta kayan sito fiye da abin da aka kashe. A wannan shekara, da yake jimlar abin da aka ƙera 40,000 ne, daidai da abin da aka saba, odita ya karɓi 12 ɗin, ribar shekara ta tsaya a 72,000. Bambancinta da ta majinal 12,000 ne kacal. Hargitsin duka ya faru ne a tsakanin zanguna, inda odita ba ya leƙawa.

Akwai kuma inda majinal ke ɓatar da mai karanta shi. Masana'antar da ke tara kaya da gangan wata tara don ta sayar da su a wata uku na kakar ciniki, majinal zai nuna mata asara wata tara a jere da babbar riba a ƙarshe, alhali tarin kayan nata hikima ce. A irin wannan hali abzofshin ya fi kusa da nuna yadda harkar take. Abin da ya raba wancan da lamarin kujerun nan shi ne ko akwai mai saye da ake jira. A nan an tara kujera 8,000 ba tare da oda ko hasashen ciniki a rubuce ba, kuma da kasuwa ba ta buɗe a Oktoba ba, da an daɗe ana ɗauke da su har rana ta fara cinye launinsu, a zo ana rage darajarsu a littafi. Haka nan wanda ya saba kallon 28 a matsayin kuɗin kujera yana iya karɓar oda a kan 35 yana murna, har ya wayi gari duk cinikinsa a 35 yake, babu abin biyan haya. Don sa farashi na dogon lokaci 40 ɗin ce ake buƙata, da kason kuɗin ofis a kai.

Lissafin canjin sito sau 12 ya fito cif a nan ne saboda kason bai canza ba duk shekara. Idan kayan da aka buɗe zango da su suna ɗauke da wani kaso daban, misali 11 na bara, sai a lissafa tsayayyen kuɗin da ke cikin kayan rufewa, a cire wanda ke cikin kayan buɗewa, abin da ya rage shi ne bambancin riba. Kuɗin ofis da na talla ba sa shiga wannan lissafi ko kaɗan, domin duka tsarin biyu suna cire su a zangon da aka kashe su. Da akantan masana'antar ya ninka 3,000 da 12 a ƙarshen Yunin shekarar farko, da ya ga 36,000, wato ribar zangon gaba ɗayanta, tun sito yana da kujera 4,000 kuma kuɗi 140,000 da ƙarin kujera 5,000 na zango na uku suka ci ba su bar asusun banki ba.